Gangarowa cikin hazo: yadda kwamfuta ke rage kuskurenta taku bayan taku

Mutum biyu za su iya ɗaukar manhaja iri ɗaya da bayanai iri ɗaya, su ɗora a kan kwamfuta iri ɗaya, na farko ya samu amsa mai kyau cikin ƙiftawar ido, na biyu kuma allonsa ya cika da lambobin da ba su da kai ba su da gindi. Idan aka bincika, bambancin da ke tsakaninsu lamba ɗaya ce tak: wancan ya rubuta 0.05, wannan ya rubuta 0.25. Lambar nan ita ake kira saurin koyo, a cikin manhaja kuma yawanci za a gan ta a rubuce `lr` ko `learning_rate`. Duk manhajar da ke fassara rubutu ko gane fuska a waya sai da wani ya zauna ya zaɓa mata wannan lamba lokacin horar da ita. Kafin a gane dalilin da ya sa take da irin wannan ƙarfi, sai an fara ganin aikin da take yi.

Abin da ake nufi da cewa kwamfuta tana koyo shi ne tana daidaita wasu lambobi da ke cikin wani lissafi, har lissafin ya riƙa ba da amsar da ta dace da misalan da aka nuna mata. A manyan tsare-tsare lambobin nan suna da yawan gaske. GPT-3, wanda kamfanin OpenAI ya fitar a 2020, yana da biliyan 175. Amma dabarar daidaita su ba ta bambanta da ta daidaita lamba ɗaya ba, saboda haka da ɗaya za mu fara.

A ce mai gidan buga takardu yana son sanin litar mai nawa janaretansa ke sha a awa. Ya auna sau biyu. Ranar da injin ya yi awa 1 ya sha lita 2.6, ranar da ya yi awa 3 ya sha lita 5.8. Za mu ɗauka cewa man da aka sha shi ne yawan awoyi sau wata lamba da ba mu sani ba, mu kira ta w. Aikin kwamfuta shi ne nemo w.

Abu na farko da ake buƙata shi ne ma'aunin da zai faɗi yadda hasashe ya kauce daga gaskiya. Ana ɗaukar kowane misali, a cire ainihin adadin daga wanda aka hasasa, a ninka bambancin da kansa, sannan a ɗauki matsakaicin duka. Sakamakon shi ake kira asara, shi ne `loss` da ake gani yana sauka a allo lokacin horarwa. Ninka bambanci da kansa yana da amfani biyu: kuskuren sama da na ƙasa ba za su share juna ba, kuma babban kuskure yana samun hukunci mai tsanani fiye da ƙarami. Dabara ce tsohuwa, masanin lissafin Faransa Adrien-Marie Legendre ya wallafa ta tun 1805.

Mu fara da hasashe na wauta, w ta zama 0, wato injin ba ya shan mai ko kaɗan. Kuskuren ranar farko 2.6 ne, ninkinsa 6.76. Na rana ta biyu 5.8, ninkinsa 33.64. Matsakaicinsu 20.2. Idan w ta zama 1, asara ta sauko 5.2. Idan ta zama 2, asara 0.2. Idan ta zama 3, asara ta koma 5.2, a 4 kuma 20.2. Wanda ya zana waɗannan lambobi a takarda zai ga kwari mai gangare biyu, ƙasansa yana daidai kan 2. A lura cewa ko a ƙasan kwarin asara ba ta kai sifili ba. Ta tsaya a 0.2, domin babu wata w guda da za ta gamsar da awon biyu gaba ɗaya. Abin da ake nema shi ne mafi ƙarancin asara, kuma a ainihin aiki da wuya ya zama sifili.

Mu mun ga kwarin duka saboda lamba ɗaya ce kawai, za mu iya gwada ta ɗaya bayan ɗaya. Da lambobin sun kai miliyan, gwaji irin wannan ba zai ƙare ba har duniya ta naɗe. Halin kwamfuta kamar na mutumin da hazon hunturu ya rufe shi a kan tudu ne: ba ya hango ƙasa, abin da ya sani kawai shi ne inda ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta karkata. Sai ya taka zuwa inda ta fi gangarewa, ya tsaya, ya sake jin karkatar, ya sake takawa. Wannan ita ce hanyar bin gangare. Augustin-Louis Cauchy ne ya bayyana ta a 1847, yana neman sauƙin warware lissafin zagayen halittun sararin samaniya, shekaru ɗari kafin a samu kwamfutar da za ta ci moriyarta.

Ita karkatar ana auna ta da lamba. Idan muna kan 0 muka matsar da w kaɗan zuwa 0.01, asara za ta ragu daga 20.2 zuwa kusan 20.0. Matsi na 0.01 ya kawo ragin 0.2, wato ninki 20. Don haka karkatar a wannan wuri −20 ce, alamar ragi tana nuna cewa ƙara w yana rage asara. Kwamfuta ba ta yin wannan matse-matsen, akwai ƙa'idar lissafi da ke ba ta karkatar kai tsaye daga bayanan. A manyan tsare-tsare masu hawa-hawa ana lissafa karkatar kowace lamba ta hanyar bin kuskure daga ƙarshe zuwa farko, dabarar da maƙalar David Rumelhart da Geoffrey Hinton da Ronald Williams ta 1986 ta yaɗa a duniya. Da zarar an samu karkatar, dokar taku layi ɗaya ce:

`w = w - lr * g`

Wato sabuwar w ita ce tsohuwar, an cire mata karkatar, g, sau saurin koyo. Ga aikin gaba ɗayansa a harshen Python:

```python
x, y = [1, 3], [2.6, 5.8]
w, lr = 0.0, 0.05
for _ in range(7):
    g = sum(2*a*(w*a - b) for a, b in zip(x, y)) / 2
    w = w - lr * g
    print(w)
```

Babu inda aka gaya wa manhajar cewa amsa 2 ce. Da saurin koyo 0.05, takun farko shi ne 20 sau 0.05, wato 1, sai w ta tashi daga 0 zuwa 1. A nan gangaren ya ragu, karkatar ta zama −10, takun ya zama 0.5, w ta kai 1.5. Daga nan 1.75, sai 1.875. Asara kuma ta bi: 20.2, 5.2, 1.45, 0.51, 0.28. A taku na bakwai w ta kai 1.98.

Akwai abin lura a wannan jeri. Ba mu taɓa saurin koyo ba, amma takun yana ta raguwa da kansa: 1, sai rabi, sai kwata. Dalili shi ne tsawon taku karkata ce sau saurin koyo, ita kuwa karkatar tana lafawa yayin da ake kusantar ƙasan kwari. A ƙasan sosai ta zama sifili, tafiya ta tsaya ba tare da an ce ta tsaya ba. Mutane da yawa suna ɗauka saurin koyo shi ne tsawon taku, alhali shi abin ninkawa ne kawai. Wannan ɗan bambanci shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

Yanzu mu juya lambar, mu bar komai yadda yake.

Idan aka rage ta zuwa 0.01, w za ta bi 0.2, 0.38, 0.54, tana cin kashi goma cikin ɗari na sauran tazarar a kowane taku. Za ta isa, amma sai ta yi taku 44 kafin ta kai inda 0.05 ta kai a taku 7. Idan aka ƙara ragewa zuwa 0.001, taku 459. A lissafin janareta wannan ba komai ba ne. A tsarin da kowane taku ke cin wutar lantarki da kuɗin hayar manyan injuna, ninka yawan taku sau goma yana nufin aikin mako ɗaya ya koma na wata biyu da 'yan kwanaki. Ƙarancin saurin koyo ba ya lalata komai, lokaci da kuɗi yake ci, kuma yana da yaudara: asara tana sauka a hankali ƙwarai har mai kallo ya zaci an iso ƙasa, ya kashe na'ura tun ana tsakiyar gangare.

Ɓangaren ƙarawa ya fi ban sha'awa. A 0.1, takun farko 20 sau 0.1 ne, wato 2 cif. Taku ɗaya an gama. A 0.15, takun farko 3 ne, w ta tsallake ƙasan kwarin ta dira a ɗaya gangaren. Karkatar a can +10 ce, sai ta juyo da ita baya zuwa 1.5, sai 2.25, sai 1.875. Tana ta tsallake-tsallake, amma kowane tsalle rabin na baya ne, don haka za ta natsu a kan 2. A 0.2 kuwa, w ta tashi daga 0 ta dira a 4, ta koma 0, ta koma 4, har abada. Abin mamaki a nan shi ne asara tana nan a 20.2 ba ta motsi, domin 0 da 4 tsayinsu ɗaya a gangaren biyu. Wanda ke kallon asara kawai zai rantse na'urar ta daskare, alhali safa da marwa take yi.

Da an wuce 0.2, sai abu ya ɓaci. A 0.25, w ta bi 5, −2.5, 8.75, −8.1. Asara ta bi 45.2, 101.45, 228. Kowane tsalle yana kai ta wurin da ya fi na baya tsayi, a wuri mai tsayi gangare ya fi kaifi, kaifin gangare kuma yana haifar da tsalle mafi girma. Matsalar tana ciyar da kanta. A irin lissafin bit 32 da aka saba horarwa da shi, bayan taku ɗari da 'yan kai asarar za ta fi ƙarfin abin da na'ura ke iya riƙewa, allo ya nuna `inf`, daga baya `nan`, alamar cewa lissafi ya rushe. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san wannan gani, kuma abu na farko da yake zargi shi ne saurin koyo.

To me ya sa iyakar ta faɗo a 0.2 daidai? A misalinmu, duk lokacin da w ta matsa da 1, karkatar tana canzawa da 10. Wannan 10 ɗin ita ce lanƙwasar kwarin, ma'aunin ƙuncinsa. Ga kwari mai irin wannan siffa, ƙa'idar ita ce saurin koyo ya kasance ƙasa da 2 a raba da lanƙwasa, a nan 2 a raba da 10, wato 0.2. Mafi dacewa kuma 1 a raba da lanƙwasa, wato 0.1 ɗin da ya kai mu a taku ɗaya. Ma'ana, babu saurin koyo da za a ce shi mai kyau ne a karan kansa. Siffar kwarin ce ke yanke hukunci, ita kuma siffar daga bayanan take fitowa.

Ga hujja mai sauƙi. A ce mai janaretan ya rubuta lokacinsa da mintuna, 60 da 180, maimakon awa 1 da awa 3. Injin bai canza ba, man bai canza ba. Amma tunda ana ninka lambobin da kansu, lanƙwasar ta tashi daga 10 zuwa 36,000, iyakar saurin koyo kuma ta faɗo zuwa kusan 0.000055. Amsar da ake nema yanzu 0.033 ce, lita a minti. Idan aka bar 0.05 ɗin nan da ta yi mana aiki ɗazu, takun farko zai kai w zuwa 60, na biyu zuwa −107,880. Lambar da ta kasance daidai da safe ta zama guba da rana, don kawai an sauya ma'aunin lokaci. A ganina wannan ne darasin da ya fi cancantar a riƙe, kuma shi ne dalilin da kwafo saurin koyo daga aikin wani ba tare da gwaji ba yakan jawo ciwon kai.

Lamarin yana ƙara tsanani idan lambobin da ake nema sun wuce ɗaya. Mu ƙara wata, b, wadda ke wakiltar man da ke tafiya ko da wane tsawon lokaci injin ya yi, misali wajen tayar da shi. Yanzu hasashe ya zama awoyi sau w, a ƙara b. Da lambobi biyu da awo biyu ana iya dacewa cif: w ta zama 1.6, b ta zama 1. Sai dai kwarin yanzu yana da faɗi da tsawo, kuma lanƙwasarsa ta kowace fuska daban ce. Idan an rubuta lokaci da mintuna, ta fuska ɗaya bangon kwarin a tsaye yake, lanƙwasa kusan 36,000, ta ɗaya fuskar kuwa ƙasa kusan a shimfiɗe take, lanƙwasa kusan 0.4. Saurin koyo ɗaya ne dole ya yi wa fuskokin biyu aiki. Fuskar mai kaifi ta hana a wuce 0.000055. Da 0.00005 kuwa, tafiya ta fuskar shimfiɗaɗɗiya tana cin kashi biyu cikin dubu ɗari na tazarar a kowane taku, sai an yi taku sama da 200,000 kafin b ta matso kusa da 1. Idan aka mayar da lokaci zuwa awoyi, aka sa 0.15, ƙasa da taku 100 sun isa. Shi ya sa masu aikin ke daidaita girman bayanansu tun kafin a fara horarwa, su mayar da shekaru da kuɗi da nisa duk zuwa lambobi masu kusancin girma. Aiki ne marar armashi, amma sau da yawa ya fi duk wata dabara ta zamani tasiri.

Inda daidaita bayanai bai wadatar ba, an ƙirƙiro gyare-gyare. Boris Polyak ya kawo ɗaya a 1964: a riƙa tuna takun baya ana haɗa shi da na yanzu. Tsallen hagu da dama tsakanin bangwayen kwari suna share juna, tafiya ta tsawon kwarin kuma tana taruwa tana ƙara gudu. A 2014 Diederik Kingma da Jimmy Ba suka fito da `Adam`, wanda ke lura da girman karkatar kowace lamba ya daidaita mata nata takun. Shi aka fi amfani da shi yau, kuma a manhajar PyTorch yana zuwa da 0.001 idan ba a canza ba. Ya rage wahalar, bai kawar da ita ba, har yanzu sai an zaɓa masa saurin koyo.

Akwai kuma wani abu da misalinmu ya ɓoye. Mun yi amfani da dukkan bayanan, awo biyu, a kowane taku. Wanda ke da hotuna miliyan ba zai duba su duka kafin kowane taku ba. Sai ya ɗebi kaɗan ba zaɓe, 32 ko 256 misali, ya lissafa karkata daga gare su. Karkatar da aka samu haka kimantawa ce, tana da ɗan kuskure, kowane ɗiba kuma yana ja ta nasa ɓangaren. A janaretanmu, awon farko shi kaɗai yana son w ta zama 2.6, na biyu shi kaɗai yana son 1.93. Idan ana ɗaukar su ɗai-ɗai, ko w ta iso 2 ba za ta zauna ba, wannan ya ja ta sama wancan ya ja ta ƙasa. Girman wannan rawar ya danganta da saurin koyo: idan babba ne rawar ta yi faɗi, asara ta tsaya a sama da ƙasan kwari. Maganin shi ne a fara da babba don a ci nisa, a riƙa rage shi yayin da ake kusantowa. Herbert Robbins da Sutton Monro sun kafa sharuɗɗan wannan ragewa tun 1951: kada a rage da gaggawar da za ta hana isa, kuma a rage sosai har rawar ta mutu. Shi ya sa a zanen asarar manyan ayyuka ake ganin layi ya miƙe na ɗan lokaci, sannan ya faɗo kwatsam kamar matakala a daidai inda aka raba saurin koyo da 10. A horar da manyan tsare-tsaren harshe ana ƙara wani abu a farko, a tashi daga ɗan mitsitsin saurin koyo a ɗaga shi a hankali cikin takun farko-farko, domin a lokacin lambobin duk na kacici-kacici ne, babban taku zai iya wargaza su.

Ya kamata a faɗi iyakar hanyar. Kwarinmu ƙasa ɗaya gare shi, duk inda aka faro nan za a ƙare. A tsare-tsare masu hawa da yawa filin cike yake da ramuka da tuddai da shimfiɗaɗɗun wurare inda karkata ta kusan sifili alhali ba a iso ƙasa ba. Bin gangare yana tsayawa ne inda gangare ya ƙare, ba shi da hanyar sanin ko akwai rami mafi zurfi a bayan tudu. A nan rawar da muka ambata takan yi rana, domin taku mai ɗan girma da ɗan hargitsi yana iya fitar da lambobin daga ƙaramin rami ko ya tsallakar da su shimfiɗaɗɗen wuri, inda ɗan ƙaramin taku zai maƙale.

A aikace, ba mai zama ya lissafa lanƙwasar tsari mai lambobi miliyan. Gwaji ake yi. Ana ɗaukar 0.1, 0.01, 0.001 da 0.0001, kowace a bar ta ta yi 'yan ɗaruruwan taku, a zana asararta. Tazarar ninki goma ake bari tsakaninsu, domin bambancin 0.010 da 0.012 ba ya nuna komai. Layin da ya harba sama ko ya koma `nan` ya nuna an wuce iyaka. Wanda ya faɗo da sauri sannan ya tsaya a sama yana karkarwa ya nuna lambar ta yi ɗan yawa, tana son ragewa daga baya. Wanda ke sauka a miƙe a hankali ba tare da ya fara lanƙwashewa ba ya nuna ta yi kaɗan. Yawanci ana zaɓar wadda ke ƙasa kaɗan da inda rushewa ta fara. Idan kuma duka huɗun sun ƙi sauka, a daina zargin saurin koyo a koma kan bayanai da manhajar kanta: alamar ragi ɗaya da aka rubuta a matsayin ta ƙari a layin taku ta isa ta sa w ta riƙa hawa tudu, ko wane saurin koyo aka ba ta.